Fanel Nawa Famfon Sola Ke Buƙata? Lissafi Daga Fadamar Gummi

 Yau ku ɗauko biro da takarda, don za mu shiga fadama ne mu yi lissafi.

Wanda ya san Gummi ya san cewa da zarar damina ta ɗauke, hankalin mutane yakan koma bakin Gulbin Zamfara, wanda ya ratso ta ƙasar Anka da Bukkuyum kafin ya iso can. A fadamarsa ake noman rani: albasa, tumatir, barkono da sauran kayan lambu. Kakanninmu da jigo suka yi ban-ruwa. Daga baya injin fetur ya zo, ya kuma yaɗu sosai bayan shirin Fadama da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, lokacin da aka yi ta haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse a fadamun Arewa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur kuwa, manoma da yawa suka fara karkata zuwa famfon da ke aiki da hasken rana, wanda kowa ke kira sola.

Kawuna yana cikin waɗanda suka karkata. Lambunsa na albasa mita 50 ne a tsaye, mita 50 a kwance, wato rubu'in hekta. Ya sayar da raguna biyu, ya je wani shago a birni, aka haɗa masa famfo da fanel biyu masu jimillar wat 300, da tiyo mai inci ɗaya. Mai shago ya nuna masa jikin kwali, ya ce famfon yana ba da lita 5,000 a awa ɗaya. A Disamba, lokacin da dashe yake ƙarami, komai ya tafi daidai. Amma da Fabrairu ta yi nisa, albasa ta fara yin kai, sai lawashi ya soma ƙonewa daga baki, fangalin da ke can ƙarshen lambu kuma ruwa ba ya isa gare shi. Da na je gaishe shi, sai ya ce mini, "Ɗana, kai da kay yi boko, duba mani wanga famfo. Ko dai jabu anka ba ni?"

Famfon ba jabu ba ne. Abin da ya faru shi ne an saye shi ba tare da an amsa tambayoyi uku ba: ruwa nawa lambun yake sha a rana, tsayi nawa za a ɗaga ruwan, kuma wutar fanel nawa za ta iya wannan aiki. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya da lambobin lambun kawu.

Tambaya ta farko: ruwa nawa a rana?

Masana aikin gona suna auna ruwan da shuka ke sha da milimita, kamar yadda ake auna ruwan sama. Ku riƙe wannan ƙa'ida, don za ta yi muku amfani har a jarrabawa: ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. A yankinmu, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da zafi ya fara kuma iska ta bushe, albasar da ta girma takan sha kimanin milimita 6 a rana, wani lokaci har da ɗoriya. Da wannan lokaci ake lissafi, domin shi ne lokacin da buƙata ta fi yawa. Famfon da ya wadatar a Maris zai wadatar a Disamba, amma wanda aka auna da Disamba zai ba mutum kunya a Maris.

Lambun kawu murabba'in mita 2,500 ne, wato 50 sau 50. Idan muka ninka da 6 za mu sami lita 15,000. Wannan shi ne abin da saiwar albasa za ta sha. Sai dai ruwan da ya fito daga bakin tiyo ba duka yake isa saiwa ba. Kawu yana kora ruwa ne ta hanyoyin ƙasa zuwa fangali, don haka wani yana tsotsewa a hanya, wani yana nutsewa ƙasa da inda saiwa ta tsaya, wani rana ta shanye. A irin wannan ban-ruwa, idan kashi 60 cikin ɗari ya amfani shuka, an yi ƙoƙari. Saboda haka za mu raba 15,000 da 0.6, mu sami lita 25,000. Jarka dubu ke nan mai cin lita 25, kowace rana.

Wani zai ce ai kawu ba kullum yake shayar da kowane fangali ba. Gaskiya ne, yakan raba lambun kashi uku, kowane kashi ya sha sau ɗaya a kwana uku. Amma wanda ya sha yau, ruwan kwana uku ya sha, don haka abin da famfo zai fitar a rana bai canja ba.

Yanzu awa nawa famfon yake da su don ya fitar da wannan ruwa? A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai, ta faɗi bayan shida, sai mutum ya ƙirga awa goma sha ɗaya. Amma ranar hantsi da ta la'asar ba su kai ta tsaka ƙarfi ba. Lambar da aka rubuta a bayan fanel an auna ta ne a ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, irin wanda ake samu da tsakar rana idan sama ta yi garau. Idan aka tattara hasken yini guda aka mayar da shi irin wannan cikakken haske, a ƙasar Zamfara yakan kama awa biyar zuwa shida. Mu ɗauki biyar, saboda ranakun da hazo ke rufe sama.

Lita 25,000 a raba da awa 5, ya ba mu lita 5,000 a awa. Wannan shi ne gudun ruwan da muke nema da tsakar rana. Ga yadda za ku gane shi ba tare da wata na'ura ba: famfon da ke ba da lita 5,000 a awa zai cika jarkar lita 25 a daƙiƙa 18. Muka tara jarka a bakin tiyon kawu da misalin ƙarfe ɗaya saura, na duba agogon waya. Sai da ta ɗauki daƙiƙa 45. Wato lita 2,000 a awa, lita 10,000 a rana, kashi biyu cikin biyar na abin da albasa ke nema.

Tambaya ta biyu: tsayi nawa za a ɗaga ruwan?

Masu harkar famfo suna kiran wannan tsayi hed, kuma da mita ake auna shi. Abubuwa huɗu ake haɗawa a same shi.

Na farko shi ne zurfin fuskar ruwa daga bakin rijiya, kafin a kunna famfo. Ku lura, fuskar ruwa na ce, ba gindin rijiya ba. Burtsatsen kawu ya kai mita 14, amma wannan lamba ba ta shiga lissafi. Ko da an zura famfo can ƙasa, ruwan da ke samansa yana taimaka masa, aikinsa yana farawa ne daga inda fuskar ruwa ta tsaya. Mun ɗaura ƙaramin ƙarfe a igiya, muka zura har muka ji ya taɓa ruwa, muka auna igiyar: mita 7. Ruwan fadama yana kusa da sama bayan damina, yana kuma ja da baya yayin da rani ke tafiya, don haka awon ƙarshen rani ake so. Wanda zai sayi famfo a Nuwamba sai ya tambayi maƙwabtan lambu inda ruwa yake tsayawa a Maris da Afrilu.

Na biyu shi ne yadda ruwan yake sauka idan ana ja. Rijiya ba randa ba ce. Ruwa yana tsattsafowa ne cikinta daga yashin da ke kewaye, kuma idan famfo yana ja, fuskar ruwa takan sauka har ta sami inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Mun aro injin fetur, muka daidaita shi yana cika jarka a kusan daƙiƙa 18, muka bar shi yana ja, muna sake zura igiya. Ruwan ya sauka zuwa wajen mita 9, injin kuma ya fara shaƙar iska yana tari. Mun ɗauki saukar mita 2.

Wannan tarin na injin yana da dalili. Injin da ke zaune a bakin rijiya nauyin iskar sama ne ke tura masa ruwa cikin tiyo, kuma wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai. Evangelista Torricelli, wani masani ɗan Italiya, shi ya bayyana haka a 1643. A aikace, daga mita 7 zuwa 8 irin wannan inji yake fara gazawa. Shi ya sa a rijiyar kawu famfon da ake nutsawa cikin ruwa ne ya dace, wanda ke tura ruwa daga ƙasa. Sai a tabbatar faɗinsa zai shiga bututun rijiyar, don wasu burtsatsen fadama an yi su ne da siririn bututu wanda tiyon tsotso kawai yake shiga.

Na uku shi ne tudu, wato bambancin tsayi tsakanin bakin rijiya da wurin da ruwa zai zubo. Rijiyar kawu tana gangare, ruwa kuwa sai an kai shi saman lambu sannan ya gangaro cikin fangali. Mun auna da siririn tiyo mai haske cike da ruwa, irin wanda magina ke daidaita gini da shi, muka sami mita 3. Wanda zai zuba a tanki sai ya auna har bakin tankin.

Na huɗu shi ne gogayya, kuma shi ne wanda ido ba ya gani. Ruwan da ke gudu cikin bututu yana gogar jikinsa, famfo kuma yana jin wannan gogayya tamkar ƙarin tudu. Daga famfo zuwa saman lambun kawu akwai bututu na mita 60. Idan za a tura lita 5,000 a awa ta cikin bututun roba mai inci ɗaya da rabi, gogayya za ta ci kamar mita 2. Mu ƙara mita 1 saboda gwiwoyi da mahaɗai, ya zama 3.

Mu haɗa: 7 da 2 da 3 da 3, jimilla mita 15.

To amma da tiyon inci ɗaya da aka ba kawu fa? Idan aka matse hanya, dole ruwa ya ƙara gudu kafin adadin ya wuce, gogayya kuwa tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Lita 5,000 a awa cikin tiyon inci ɗaya mai tsawon mita 60 za ta ci kusan mita 19. Hed ɗin da yake 15 sai ya koma 32. Rabin inci kacal aka rage, aikin famfo ya ninka har ya wuce. Idan muka gama lissafin fanel za ku ga kuɗin da wannan rabin inci yake ci.

Tambaya ta uku: wutar fanel nawa?

Nan darasin Fiziks na aji huɗu zai yi mana rana. Kun tuna cewa aikin ɗaga abu sama shi ne nauyinsa sau jan ƙasa sau tsayi:

E = m × g × h

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka m shi ne 25,000. Jan ƙasa, g, 9.8 ne. Tsayi, h, shi ne hed ɗinmu, 15. Idan kuka ninka za ku sami jul 3,675,000. Wat ɗaya da ya yi aiki na awa ɗaya jul 3,600 ne, saboda akwai daƙiƙa 3,600 a awa. Mu raba, mu sami kusan 1,020. A raba wannan a kan awa 5 na cikakkiyar rana, ya ba mu wat 204.

Wat 204 shi ne ƙarfin da dole ya shiga cikin ruwan kansa. Da a ce babu asara a hanya, fanel ɗaya ya isa. Amma akwai asara a wuri biyu.

Ta farko a cikin famfo take. Mota tana ɗumi, farfelar da ke juya ruwa tana ɓarar da wani ƙarfi, akwatin da ke sarrafa wuta, wato kwanturola, shi ma yana cin nasa. Ƙananan famfunan sola masu farfela, irin waɗanda ake samu a kasuwanninmu, sukan mayar da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na wutar da suka sha zuwa aikin ɗaga ruwa. Mu ɗauki 40. Idan muka raba 204 da 0.4 za mu sami wat 510. Wutar da famfo zai sha ke nan.

Ta biyu a kan fanel take. Da yawa suna zaton yawan zafi shi ne yawan wuta, alhali fanel haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. An auna lambar bayansa ne yana kan digiri 25. A ranar Maris a Gummi jikinsa yana iya kai digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya da ya haura 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Digiri 35 sau 0.4 ya zama kashi 14. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan gilashi tana iya cin wani kashi 10, wayoyi su ci kamar 3. Idan aka haɗa, abin da ke isa famfo kamar kashi 75 ne na lambar da aka rubuta. Mu raba 510 da 0.75, mu sami wat 680.

Amsa ta fito. Lambun kawu yana buƙatar fanel da jimillarsu ta kai wat 680 ko ta ɗara. Fanel uku masu wat 250 sun ba da 750, sun isa har da ɗan rara. An ba shi 300.

Yanzu ku mayar da hed 32 na tiyon inci ɗaya cikin wannan lissafi. Za ku sami kusan wat 1,450, wato fanel shida maimakon uku, da famfo mafi girma. Bambancin kuɗin bututu mai inci ɗaya da rabi da na inci ɗaya bai kama ƙafar kuɗin fanel uku ba. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Ga gajeriyar hanya da za ku iya yi ko a tsaye a shago. Idan aka dunƙule duk lambobin nan, wato awa 5, kashi 40 da kashi 75, sai lissafin ya zama: litar rana sau hed, a raba da 550. Ku gwada: 25,000 sau 15 a raba da 550 ya ba da 682. Ku juya shi ku gwada da kayan kawu. Da ɗan ruwan da yake samu, hed ɗinsa ta cikin siririn tiyo wajen mita 16 ne. Wat 300 sau 550 a raba da 16 ya ba da lita 10,300, kusan daidai da abin da jarka ta gaya mana. Sai dai ku tuna 550 ɗin ta waɗannan zato uku ce. Idan famfo ya fi inganci, ko aka yi lissafi da wasu awoyin rana, lambar za ta canja.

Abin da kwali ya faɗa da abin da bai faɗa ba

To ina lita 5,000 da mai shago ya nuna? Muka ɗauko kwalin. An rubuta `Q max` lita 5,000 a awa, da `H max` mita 20. Duka biyun gaskiya ne, amma ba a samunsu lokaci guda. Lamba ta farko ita ce ruwan da famfo zai bayar idan babu tsayin da zai ɗaga ko kaɗan. Ta biyu ita ce tsayin da idan aka kai shi, ruwa zai tsaya cak a cikin bututu, ko ɗigo ba zai fito ba. Aiki na gaskiya yana tsakaninsu. Kamar jaki ne: yana da iyakar gudu, yana da iyakar kaya, amma ba ya yin iyakar gudunsa da iyakar kayansa a baya.

Kowane famfon kirki yana zuwa da takarda mai zanen lanƙwasasshen layi, tsayi a gefe, yawan ruwa a ƙasa. Ka sa yatsa a kan hed ɗinka, ka bi a kwance har ka taɓa layin, ka sauko ka karanta lita. A takardar famfon kawu, mita 16 ta faɗa wajen lita 2,000. Ko an ƙara masa fanel goma ba zai ba da 5,000 a wannan tsayi ba. Wanda ya dace da shi shi ne wanda layinsa ya bi ta lita 5,000 a mita 15, kuma irin wannan za ka ga an rubuta masa wajen mita 25 da lita 8,000 a kwali. Idan mai shago ba shi da wannan takarda, a nemi wani shagon.

Saura abu ɗaya kafin a haɗa waya. Idan aka jera fanel a layi, jan wayar wannan zuwa baƙar wancan, bolt ɗinsu haɗuwa yake yi. A bayan kowane fanel akwai lambar `Voc`, wato bolt ɗinsa lokacin da ba a jan wuta. Fanel mai wat 250 yakan nuna wajen 37. Uku a layi sun ba da 111. A ce kwanturola ta rubuta iyakarta bolt 150, to uku lafiya lau. Idan wani ya ce bari ya ƙara na huɗu don ruwa ya ƙaru, ya kai 148, kuma da sanyin safiyar hunturu bolt yana ɗan hawa, sai ya tsallake 150 ya ƙone kwanturola. Wannan haɗi aikin mai gyaran wuta ne, domin bolt ɗari ba abin wasa ba ne. Naku shi ne ku duba lambobin ku tabbatar sun dace.

Wajen kafawa, fanel ya fuskanci kudu. Idan ka fuskanci gabas, kudu tana hannunka na dama. Gummi tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a karkata shi kamar digiri 12 zuwa 15, a wurin da inuwar mangwaro ko darbejiya ba ta kai ba. Inuwa a kan fanel ɗaya tana rage wutar layin gaba ɗaya.

Idan ruwa ya ragu, ina za a duba?

Ranar da aka kafa famfo, a tara jarka da tsakar rana a rubuta daƙiƙoƙin a jikin bango ko a littafi. Wannan lamba ita ce ma'auni. Idan wata rana jarkar da ke cika a daƙiƙa 18 ta koma 28 alhali sama garau take, a fara da wanke fanel da ruwa da tsumma mai laushi, da safe kafin gilashi ya yi zafi. Idan lambar ta dawo, ƙura ce. Idan ruwa yana zuwa yana yankewa, yana tofar da iska, rijiya ce ta gaza, famfo yana ja fiye da yadda take tsattsafowa. Wannan yana da haɗari, don famfon da ke juyawa babu ruwa ƙonewa yake yi, shi ya sa ake sa masa 'yar na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya sauka. Idan ka ga yashi ya kwanta a gindin jarka, kuma ruwa yana raguwa a hankali mako bayan mako, yashi ne ke cin farfela, sai a ɗaga famfo daga gindin rijiya. Idan kuwa ruwa yana da ƙarfi a bakin rijiya amma ya raunana a saman lambu, a bi bututu a nemi inda ya lanƙwashe ko yake yoyo.

Shi kawu, a tsakiyar rani ba shi da kuɗin sabon famfo. Amma lissafin ya ba shi abin yi a ranar. Lita 10,000 ta isa murabba'in mita 1,000 sosai. Maimakon ya ci gaba da yayyafa wa lambu duka ruwan da ba ya isar kowa, sai ya ware kashi biyu cikin biyar mafi kusa da bakin tiyo ya bar wa sola. Wani kashi ya riƙa hayar injin fetur yana jawo masa ruwa daga wata rijiya da ke can gangare. Fangalin ƙarshe da suka riga suka ƙone ya haƙura da su, kuma bai ji daɗin hakan ba. Da kaka ta zagayo, takardar lissafinmu ce a aljihunsa lokacin da ya koma kasuwa: lita 5,000 a mita 15, bututu inci ɗaya da rabi, fanel wat 750.

Aikin gida

Wata makaranta tana da lambun tumatir mai mita 40 a tsaye, mita 30 a kwance. Tumatir yana shan milimita 6 a rana, kashi 60 cikin ɗari na ruwan ne yake isa saiwa. Fuskar ruwa tana mita 10, tana sauka mita 3 idan ana ja, ana zubawa a tanki mai tsayin mita 4, gogayya kuma mita 2. Ku nemo litar rana, da litar awa, da hed, da wat ɗin fanel, da daƙiƙoƙin da jarkar lita 25 za ta ɗauka kafin ta cika. Ku yi ta doguwar hanya, sannan ku gwada da ta 550 ku ga ko sun yi daidai. Wanda iyayensa ke da famfo a lambu, ya tara jarka ranar Asabar da tsakar rana, ya aiko mana da daƙiƙoƙin da ya samu tare da girman lambun da sunan makarantarsa. Amsa tana nan tafe a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.